Wasiƙa ga 'yan ƙungiya: tsarin shukar bana da dalilin da ya sa ba a sa shinkafa ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa maza da mata.

Tun ranar da aka liƙa tsarin shukar bana a ƙofar sito, tambaya ɗaya ake tare ni da ita: ina shinkafa? Wani dattijonmu ya riƙe mini hannu bayan sallar Juma'a ya ce, "Malam magatakarda, kai da bakinka ka karanta mana cewa hekta ɗaya ta shinkafa ta fi kowane amfani riba. Yanzu kuma kun jefar da ita. Ko dai lissafin ne ya ruɗe ku?" Na ce, "Baba, abin da na karanta gaskiya ne, kuma cirewar ma daidai ce. Ka ba ni kwana biyu in rubuta." Ga rubutun, don kowa ya zauna da shi a gida kafin ranar ƙuri'a.

Abin da muke da shi a hannu

Gonar ƙungiya da ke ƙaramar hukumar Igabi hekta 40 ce, tudu ce gaba ɗaya, babu fadama a cikinta. A asusu, bayan an haɗa gudummawa da ragowar ribar bara, akwai naira miliyan 20. Abu na uku shi ne wanda ba a cika lissafa shi ba, wato hannun aiki a makonni shida na tsakiyar damina, daga makon ƙarshe na Yuni zuwa makon farko na Agusta. A wannan tsakanin ake shuka waken suya, ake noman farko da maimai, ake zuba taki sau biyu, kuma a daidai lokacin kowannenmu yana fama da tasa gonar. Mu 56 ne, kowa ya ɗauki alkawarin yini 15, shi da kansa ko wanda zai turo. Jimla yini 840. Na duba littafin halarta na shekarun baya, ba mu taɓa wuce haka ba.

To, da ma'auni biyar muka auna kowane amfani. Na farko, kuɗin da hekta ɗaya ke ci tun daga kaftu har buhu ya shiga sito. Na biyu, yini nawa take ci a waɗannan makonni shida. Na uku, ribar da ke saura. Na huɗu, yadda amfanin ke jure ajiya. Na biyar, haɗarin da ke tattare da shi, na gona da na kasuwa. Uku na farko suna shiga lissafi kai tsaye. Biyu na ƙarshe kwamiti ya auna su da ido da abin da muka gani a baya.

Yawan buhunan da za ku gani daga littafin gonarmu aka ɗauko, a ma'aunin kilo 100. Farashin kuwa ƙiyasi ne da kwamiti ya amince a yi lissafi da shi, na lokacin kaka, ba na tsakiyar damina da kaya ke tsada ba.

| Amfani | Kuɗin hekta | Yini | Buhu | Farashin buhu | Ribar hekta |
|---|---|---|---|---|---|
| Masara | 700,000 | 20 | 30 | 40,000 | 500,000 |
| Waken suya | 400,000 | 25 | 10 | 85,000 | 450,000 |
| Dawa | 300,000 | 15 | 15 | 40,000 | 300,000 |
| Shinkafar tudu | 600,000 | 45 | 24 | 50,000 | 600,000 |

Masara

Masara maciyiyar kuɗi ce, kuma taki ne ke cinye mafi yawansa. Shawarar malaman gona a yankinmu ita ce kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotash a kowace hekta, wato kamfa 15-15-15 buhu takwas da yuriya kusan buhu uku. Mu shida da biyu muke iya sawa, shi ya sa muka tsaya a buhu 30 ba mu yi wa kanmu alkawarin 40 ba. Amma a wajen aiki tana da sauƙi. Idan aka yi feshin ciyawa washegarin shuka, ƙasa da danshi, noma ɗaya da ban ƙasa sun wadatar. Irin da za mu sa SAMMAZ 15 ne na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, saboda yana jure wuta-wuta, kuma gefen gabas na gonarmu yana da ita.

Haɗarinta biyu. Tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 tana shiga ƙoƙon masara tun tana ƙarama, sai ka ga ganye ya yi huji-huji da kashin tsutsa kamar garin katako, kuma idan ba a yi feshi da wuri ba magani ba ya kai mata. Na biyu, lokacin yuriya. Idan aka wuce mako na shida ba a zuba ba, ganyen ƙasa ya soma rawaya daga baki, to goyon ya riga ya ragu, ko an zuba daga baya ba ya dawowa daidai. A ajiya kuma sai ta bushe ƙarau, a sa a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, in ba haka ba ƙwari su mayar da ita gari kafin bazara. Kasuwa ba matsala ba ce, daga masu abincin kaji na hanyar Abuja har dillalan Saminaka da Giwa.

Waken suya

Buhu goma kawai muka rubuta masa, ƙasa da abin da wasu ke samu, don haka gonarmu ta saba bayarwa. Ba ya buƙatar yuriya. Takin supa yake so, da maganin nan baƙi da ake cakuɗa iri da shi a inuwa kafin shuka, wanda ke sa saiwa ta yi ƙulalai. Wanda ke son ya san ko maganin ya kama, ya tumɓuke tushe ɗaya bayan mako shida, ya fasa ƙulli da farce. Idan cikin ja-ja ne, yana aiki. Idan fari ne ko kore, babu abin da yake yi.

Yini 25 ɗin da yake ci sun zo ne daga shuka, wadda ke faɗowa cikin makonnin matsi kuma a jere ake yinta da yawa, sai noman farko da ba ya son jinkiri. Da zarar ya rufe ƙasa, shi ke nan, ya kashe ciyawa da inuwarsa. Babban haɗarinsa a kaka yake: idan aka bar shi ya bushe ya wuce kima, kwanso ya riƙa fashewa da rana yana watsar da ƙwaya. Shi ya sa muka zaɓi TGx 1448-2E, wanda ba ya saurin fashewa. Ƙwari ba su cika damunsa a sito ba, sai dai irin shuka ba ya son zafi da daɗewa, ƙarfin tsirarsa na raguwa.

Akwai kuma amfanin da bai shiga jadawalin ba ko kaɗan. Masarar da ta bi bayan waken suya ta fi kyau, kuma irin nan yana sa ƙwayar wuta-wuta ta tsiro ta rasa abin kamawa ta mutu. Ban sa wa wannan farashi ba don kada a ce na ƙara wa wake gishiri.

Dawa

Dawa ba ta da abin burgewa a takarda. Ita ce mafi ƙarancin riba, ita ce kuma mafi ƙarancin ci, na kuɗi da na hannu. Idan ruwa ya ɗauke kwana goma sha, ta naɗe ganye ta jira. Tana daɗewa a rumbu, karanta na shiga danga da abincin dabbobi. Wuta-wuta ce abokiyar gabarta, don haka ba za a kai ta gefen gabas ba. Aikinta a tsarin nan shi ne ta cike filin da kuɗi da hannu ba za su kai a sa masa wani abu mai tsada ba.

Shinkafa

A nan zan daɗe. Shinkafar tudu ta fi kowa riba a hekta, naira 600,000. A ajiya ma babu kamarta, don shanshera busasshiya da ɓawonta tana shekara a sito lafiya lau. Kuma ita ce abin da yaranmu ke so a tukunya. Duk wannan ban musa ba.

Matsalarta tana wajen yini a jadawalin. Masara ana shuka ta santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin tushe da tushe, kimanin tushe 53,000 a hekta, mutum ya bi da fartanya yana tafiya. Shinkafa santimita 20 ce ta kowane gefe, tushe 250,000. Fartanya ba ta sakewa a ciki, rabin aikin a tsugune ake yi da hannu. A fadama ruwan da ke kwance yana danne ciyawa. A tudu babu wannan taimakon, ciyawa da shinkafa tare suke tashi, wasu ciyayin ma sai mai ido ke bambanta su da shinkafar suna ƙanana. Noman farko a mako na biyu zuwa na uku, maimai a mako na biyar zuwa na shida, duka biyun cikin makonnin da masara ke jiran taki, waken suya ke jiran shuka.

Mun gani bara. Hekta uku muka sa. Wadda ke bakin hanya an nome ta a kan kari, ita ta ba da buhu 24 da na rubuta a jadawali. Sauran biyun an kai musu hannu a makare, na shiga ciki da kaina a tsakiyar Yuli, ciyawa ta kai mini gwiwa, shinkafar tana ƙasa siririya kamar tsintsiya. Da muka kwashe mutane muka tura can don ceto, sai yuriyar masara ta yi jinkirin kwana goma sha biyu. Asarar da aka yi a masara ba a rubuta ta da sunan shinkafa ba, amma ita ta jawo ta. Wato lambar 24 da na ba shinkafa alfarma ce, lambar hektarta mafi kyau ce.

Sai haɗari. Saiwar shinkafa ba ta nisa. Idan ruwa ya yanke mako ɗaya ko fiye lokacin da ta ɗauki ciki tana fitar da kai, sai a ga kawuna fari-fari a tsaye, a murza a ji babu ƙwaya. Masara ma tana jin fari a lokacin fure, amma ba kamar haka ba. Bayan nan ga tsuntsu, wanda sai an ajiye yara da gwangwani da majajjawa tun asuba har magariba na wajen wata guda. Farashinta kuma yana rawa da shawarar gwamnati. A 2024 an ba da sassaucin harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, shinkafa da masara suna ciki, kuma manomi ba ya da ta cewa a irin wannan.

Yadda aka yi lissafin

Ɗan ɗaya daga cikinmu, mai karatun tattalin arzikin noma a Samaru, shi ya taimaka. Ya zuba jadawalin nan a Excel, ya yi amfani da wani sashe nasa mai suna Solver. Abin da aka ce wa na'urar ba shi da yawa: nemo yawan hektar kowane amfani da zai ba da riba mafi yawa, da sharaɗin kada fili ya wuce hekta 40, kuɗi kada ya wuce miliyan 20, aiki kada ya wuce yini 840. Ba a ce mata ta cire komai ba, shinkafa tana cikin jerin kamar kowa. Amsar da ta fito: masara hekta 16, waken suya 16, dawa 8, shinkafa babu. Riba naira miliyan 17.6, kuma fili da kuɗi da yini duk sun ƙare cif, babu ragowar ko ɗaya.

Ni ban yarda da amsar da ba zan iya bi da biro ba, don haka na zauna na bi. Ku ma ku bi tare da ni.

A ce muna son hekta ɗaya ta shinkafa. Tana neman naira 600,000 da yini 45, kuma babu ragowa a ko'ina, dole a cire daga wani wuri. Idan aka cire hekta ɗaya ta dawa, yini 15 kawai aka samu, saura 30. Idan masara aka cire, an samu 20, saura 25. Inda yini yake da yawa shi ne waken suya, kuma ko shi hekta ɗaya ba ta isa. Hanya mafi ƙarancin asara ita ce a cire uku: a samu fili hekta uku, kuɗi miliyan 1.2, yini 75. Shinkafa ta ɗauki hekta ɗaya, naira 600,000, yini 45. Saura hekta biyu, naira 600,000, yini 30. Abin da zai shiga wannan ragowar daidai wa daida shi ne dawa hekta biyu.

Yanzu a duba riba. Waken suya hekta uku da aka cire, naira miliyan 1 da 350,000 ke nan suka tafi. Abin da ya shigo: shinkafa 600,000, dawa hekta biyu 600,000, jimla miliyan 1.2. An yi asarar naira 150,000. Kowace hekta ta shinkafa da muka sa, haka za ta rage mana. Ba a gonar shinkafar za a ga asarar ba, can za a ga buhuna ana murna. A filin da ya kamata ya zama wake ya koma dawa, a nan take ɓoye.

Abin da na gaya wa Baba ke nan a taƙaice: riba a hekta ita ce ma'auni idan fili ne ya yi maka kaɗan. Mu hannu ne ya fi yi mana kaɗan. Idan aka raba riba da yini, masara na ba da naira 25,000 a kowane yini, dawa 20,000, waken suya 18,000, shinkafa 13,000 da 'yan kai.

Tsare-tsare uku da ke gabanmu

| Tsari | Masara | Wake | Dawa | Shinkafa | Kuɗi | Yini | Riba |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Na ɗaya | 16 | 16 | 8 | 0 | miliyan 20 | 840 | miliyan 17.6 |
| Na biyu | 16 | 4 | 16 | 4 | miliyan 20 | 840 | miliyan 17 |
| Na uku | 16 | 16 | 4 | 4 | miliyan 21.2 | 960 | miliyan 18.8 |

Na ɗaya shi ne wanda kwamiti ya liƙa. Na biyu shi ne shinkafa hekta huɗu ba tare da mun wuce ƙarfinmu ba. Ragin naira 600,000 ne, idan aka raba wa mutum 56 kowa ya rasa wajen naira 10,700. Ba kuɗi ne mai tayar da hankali ba. Abin da ya fi damuna a tsarin shi ne wake ya koma hekta huɗu, masara da dawa sun mamaye 32, wato baɗi kusan duk masararmu za ta hau filin da hatsi ya sauka, abin da wuta-wuta ke so ke nan.

Na uku shi ne wanda aka fi kawo mini, kuma shi ne mai ruɗi, don lambarsa ta fi kowace girma. "A rage dawa mana, tunda ita ce ba ta da riba." Sai dai yana neman naira miliyan 1.2 da ba mu da su, da yini 120 da babu mai yinsu. Shugabar mata ta ce mini, "Malam, ai sai a ɗauki 'yan ƙwadago." Na ce, "Hajiya, mu lissafa." Idan yini ya kama naira 5,000, yini 120 naira 600,000 ne. Rancen da za a nema ya zama miliyan 1.8, ribar ta sauko miliyan 18.2, wato ƙarin 600,000 a kan tsari na ɗaya, kafin a cire abin da mai ba da rance zai ɗora. Wannan kuma idan an samu 'yan ƙwadagon a ranar da ake so, a watan da kowa ke nemansu.

Ga abin da ya sa ko da rancen ya samu ba shinkafa zan fara kai shi ba. Waɗannan hekta huɗu na dawa, a mayar da su waken suya. Ƙarin kuɗin shuka naira 400,000, ƙarin aiki yini 40, wato 200,000. Jimla 600,000 za a nema, ƙarin ribar da za ta rage 400,000. Da kashi ɗaya cikin uku na bashin an samu kashi biyu cikin uku na ƙarin, babu gadin tsuntsu, babu fargabar fari a Satumba.

Inda lissafin zai iya juyawa

Kada in ɓoye muku, tazarar ba ta da faɗi. Shinkafa za ta cancanci shiga idan ribarta a hekta ta kai naira 750,000. Hakan na faruwa idan hekta ta ba da buhu 27 a maimakon 24, ko farashin buhu ya kai naira 56,250. Haka nan idan aka iya rage aikinta daga yini 45 zuwa wajen 32, misali da shuka a layi da feshin ciyawa a daidai lokacin da ciyawar ke da ganye biyu zuwa huɗu. Ta ɗaya gefen kuma, idan buhun waken suya ya faɗo daga 85,000 zuwa 80,000, sun yi kunnen doki. Naira dubu biyar a buhu abu ne da kasuwa ke iya yi cikin mako guda.

To me ya sa kwamiti bai ce a raba biyu ba? Saboda duk abin da lissafin bai ƙirga ba ya karkata gefe ɗaya. Lambar shinkafa ta hektarta mafi kyau ce, ta wake kuwa matsakaiciya ce. Gyaran ƙasa da wake ke yi ba a sa masa ko kwabo ba. Fari a lokacin fure ya fi cutar da shinkafa. Da tazarar ta zo kaɗan kuma waɗannan suna bayan shinkafa, da na ce a sa ta.

Na'urar kuma tana da makanta da ya kamata ku sani. Ta ɗauka duk hekta 40 iri ɗaya ce, alhali mun san kusurwar kudu ta fi riƙe danshi, gabas kuma tsakuwa ce. Ta ɗauka kowa zai cika yini 15 ɗinsa. Idan mutum goma suka yi rabin nasu, yini 75 sun tafi, daidai aikin waken suya hekta uku. Kuma ba ta san daɗin tuwon shinkafar da mutum ya noma da hannunsa ba. Wannan na ƙarshe ba wasa nake ba. Hekta huɗu za su ba da buhu 96, kowa ya samu ƙasa kaɗan da buhu biyu na shanshera, bayan an casa a tashi da kilo ɗari da ɗoriya. A lissafi, gara a karɓi kuɗi a saya a kasuwa lokacin kaka. A zahiri, na san gidajen da kuɗin ba zai kai kasuwa ba, za a tare shi a hanya da biki ko bashi, amma buhu idan ya shiga ɗaki ya shiga.

Wane ne ya dace da wane

Wanda rabon kuɗi na ƙarshen shekara ne ya kawo shi ƙungiya, don kuɗin makaranta ko jarin sana'ar rani, tsari na ɗaya ne nasa. Shi ne kuma na wanda ke tunanin ƙarfin ƙasar nan shekara uku masu zuwa.

Wanda damuwarsa abinci a ɗaki ne, kuma ya san halin aljihunsa, ba sai ya zaɓi tsari na biyu ba. Zan kawo shawara a taro cewa duk mai so ya rubuta suna, ma'aji ya cire daga rabonsa a saya masa shanshera a dunƙule lokacin kaka, a kai masa gida a buhu. Idan taro ya ƙi wannan, to tsari na biyu shi ne hanyar gaskiya ta samun shinkafa, a shiga da sanin cewa kowa ya bar wajen naira 10,700 kuma wake ya ragu.

Wanda ke da fadama a gonarsa ta gida da yara masu taya shi, lissafin nan ba nasa ba ne, kada ya ce magatakarda ya hana shinkafa. Ruwa na rage masa ciyawa, fari bai cika kai masa ba, irin fadama kamar FARO 44 kuma ya fi na tudu bayarwa. Ya shuka abinsa.

Tsari na uku na wanda zai iya kawo wa taro abu biyu ne a hannu: inda miliyan 1.8 za su fito da sharaɗin biyansu, da sunan shugaban 'yan ƙwadagon da ya yi alkawarin yini 120 a Yuli. In babu su, bara za mu maimaita.

Masu ganin za a iya sauko da aikin shinkafa zuwa yini 32, kwamiti ya yarda a ware musu kwatar hekta a kusurwar kudu, a rage daga dawa. Iri da magani daga aljihun masu gwajin, aikin kuma ba ya cikin yini 15 na kowa. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta kowane yini da aka yi a ciki, har na gadin tsuntsu, a auna abin da ya fito a kan sikeli a gaban mutum uku. Lambobin da suka fito su za mu zuba a jadawalin baɗi.

Taro ranar Asabar bayan la'asar a harabar sito. Littafin gona da na halarta suna wurin ma'aji, duk mai son duba wata lamba ya je kafin ranar, kuma wanda ya sayar da wake ko shanshera kwanan nan ya zo mana da farashin da aka ba shi.

Wassalam,
Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamitin tsara shuka